Yadda ake raba takardar neman biya guda ɗaya tsakanin sassa da yawa ba tare da an danne kowa ba

Ɗan kwangila ba ruwansa da yadda ma'aikata ta kasu gida-gida. Ya yi aiki, ya aiko da takardar neman biya guda ɗaya, kuɗinsa yake jira. Akanta ne ke da aikin faɗa wa kowane sashe nawa ya hau kansa, kuma duk abin da ya rubuta zai fito a rahoton kashe kuɗin sashen a ƙarshen wata, a gwada shi da kasafinsa. Shi ya sa ma'aunin da za a yi rabon da shi dole ya bi abin da ya jawo kuɗin tun farko. Hanyar gane shi tambaya ɗaya ce: mene ne abin da in ya ƙaru ɗan kwangilar zai ƙara kuɗi, in ya ragu ya rage? Amsar ita ce ma'aunin rabonka.

Za mu bi takarda guda daga farko har shigarta littafi. An zaɓi lambobin ne don sauƙin lissafi kawai, kuma ba mu sa musu sunan kuɗin kowace ƙasa ba.

Takardar da ke gabanmu

Kamfanin shara ya aiko da takardar wata guda mai layi uku. Layi na farko shara da goge-goge na gini duka, 90,000. Na biyu wankin kafet na musamman a sashen sayarwa, 6,000. Na uku kayan banɗaki, wato sabulu da takardar goge hannu da makamantansu, 10,000. Jimla kafin haraji 106,000. A ɗauka harajin VAT kashi 10 cikin ɗari ne, wato 10,600, abin biya gaba ɗaya 116,600.

Sassa uku ne ke cikin ginin. Sashen sayarwa yana zaune a murabba'in mita 300, sashen gudanarwa a 200, sito kuwa 1,000. Akwai kuma baranda da banɗakuna da kowa ke amfani da su, murabba'in mita 100.

Kafin ka fara rabo, tabbatar takardar kanta daidai take: farashin ya yi daidai da na kwantiragi, an yi aikin, watan da aka rubuta shi ne watan da kake rufewa, kuma ba a taɓa shigar da lambar takardar ba. Kuskuren da aka raba gida uku, gyaransa ma gida uku ne.

Mataki na farko: cire abin da ke da mai shi

Wankin kafet ɗin nan ba abin rabo ba ne. Sashen sayarwa ne ya nema, a ofishinsa aka yi, don haka 6,000 ɗin ta tafi kansa kai tsaye. Wannan matakin ne aka fi tsallakewa, domin ya fi sauƙi a ɗauki jimlar ƙasan takarda a buga da kaso a wuce. Amma duk abin da ka san mai shi, ka jefa shi cikin rabon kowa, ka sa wasu sun biya abin da ba su ci ba. Bayan haka kuma sashen da ya nema zai koyi cewa duk abin da ya yi oda wasu ne za su taya shi ɗauka, sai odar ta yawaita.

Idan takardar ta zo dunƙule, layi ɗaya jimla ɗaya, kada ka yi hasashe. Nemi kamfanin ya aiko da bayani dalla-dalla, ko ka duba takardar kwantiragi da takardun shaidar aiki da shugabannin sassa suka sa wa hannu. Bayan cire kafet, saura 100,000 ce ta rabo.

Mataki na biyu: kowane layi da ma'auninsa

A nan ne aikin yake. Layin shara da layin kayan banɗaki suna takarda ɗaya, amma ba abu ɗaya ke tuƙa su ba. Kuɗin shara na bin faɗin wurin da ake sharewa. Sabulu kuwa mutane ne ke ƙarar da shi, faɗin sito bai taɓa wanke hannu ba. Saboda haka ma'auni biyu za a yi amfani da su.

Mu fara da shara. Abin da zai fara zuwa ran kowa shi ne a raba bisa faɗi tsagwaronsa. Sassan uku sun haɗa murabba'in mita 1,500, sito na da 1,000, kashi biyu cikin uku ke nan, sai a ɗora masa 60,000 daga cikin 90,000. A ido kamar adalci ne, tunda awo aka yi. Amma buɗe kwantiragin ka gani: ofisoshi da baranda da banɗakuna sau biyar a mako ake share su, sito kuwa sau ɗaya. Kamfanin ya yanka farashinsa ne bisa yawan aikin da ma'aikatansa za su yi, aikin kuwa faɗi ne sau yawan zuwa. Don haka sai a ninka faɗin kowane wuri da yawan sharar da ake yi masa a mako:

| Wuri | Faɗi | Shara a mako | Nauyi | Rabo daga 90,000 |
|---|---|---|---|---|
| Sayarwa | 300 | 5 | 1,500 | 33,750 |
| Gudanarwa | 200 | 5 | 1,000 | 22,500 |
| Sito | 1,000 | 1 | 1,000 | 22,500 |
| Baranda da banɗakuna | 100 | 5 | 500 | 11,250 |
| Jimla | 1,600 | | 4,000 | 90,000 |

An raba 90,000 da 4,000, kowane nauyi ɗaya ya tashi 22.5, sannan aka ninka da nauyin kowane wuri. Rabon sito ya sauko daga 60,000 zuwa 22,500. Bambancin 37,500 ne a kowane wata, 450,000 a shekara, a kan sashen da ba shi ne ke jawo kuɗin ba.

Mai lura zai ce ai share murabba'in mita ɗaya na banɗaki ya fi share na sito wahala. Gaskiya ne. Idan kwantiragin ya ba kowane irin wuri farashinsa, ko ya faɗi awannin da ake yi a kowane wuri, to ka bar wannan nauyin ka ɗauki farashin ko awannin, sun fi kusa da gaskiya. Idan bai faɗa ba, kada ka ƙirƙiro lamba daga kanka ka ce banɗaki ninki uku ne. Ma'aunin da ba shi da takardar da za a nuna, ranar gardama ba ya tsayuwa. Gara wanda ya ɗan gaza amma kowa zai iya ɗaukar zanen gini da kwantiragi ya sake lissafa shi ya sami amsa iri ɗaya.

Akwai ma'aunai biyu da ake yawan gudu zuwa gare su, kuma dukansu ba su dace da irin wannan takardar ba. Na farko raba daidai: 106,000 gida uku, kowa 35,333.33. Ba ya buƙatar tunani, amma yana daidaita sashe mai mutum 18 da mai mutum 5. Na biyu shi ne rabo bisa cinikin da kowane sashe ya kawo, wai mai samu ya fi ɗauka. Wannan ba awon amfani ba ne, awon ƙarfin biya ne. Sashen da ya yi ƙoƙari cinikinsa ya ƙaru sai kuɗin shararsa ya hau alhali ko tsintsiya ɗaya ba a ƙara masa ba, sassan da ba sa ciniki kamar gudanarwa kuma su tashi ba su biya komai ba. Irin wannan ma'aunin sai dai a ajiye shi don kuɗin da aka rasa abin da ke tuƙa shi kwata-kwata.

Mataki na uku: wuraren kowa da kowa

Baranda da banɗakuna ba sashe ba ne, ba su da shugaba ko kasafi, don haka 11,250 ɗinsu dole ta koma kan masu amfani da su. Mutane ne ke bin baranda, su ne ke shiga banɗaki, ma'aunin ya zama yawan ma'aikata, daidai da na kayan banɗaki. Tunda ma'auninsu ɗaya, sai a haɗa su: 11,250 da 10,000, jimla 21,250.

Wajen ƙirga mutane a kula da abu biyu. Na ɗaya, masu aikin rabin lokaci a ƙirga su rabi. Sashen gudanarwa na da mutum 13, amma biyu daga cikinsu rabin wuni suke yi, sai a rubuta 12. Na biyu, waɗanda ke zama a ginin ake ƙirgawa. Idan sashen sayarwa na da ma'aikatan da kullum suna waje wurin abokan ciniki, ko masu aiki daga gida, sunansu na cikin jerin albashi amma ba sa taɓa sabulun. Lambar kuma a karɓo ta daga ofishin ma'aikata a rana tsayayya, misali ranar farko ta wata, ba daga bakin shugabannin sassa ba, domin kowa zai so tasa ta ragu.

A misalinmu sayarwa 18, gudanarwa 12, sito 5, jimla 35. Idan aka raba 21,250 bisa haka aka tsaya a lamba biyu bayan ɗigo, sayarwa 10,928.57, gudanarwa 7,285.71, sito 3,035.71.

Haɗa su ka gani: 21,249.99. Akwai 0.01 da ta ɓace.

Ragowar da ke ɓacewa

Ba kuskuren lissafi ba ne. Kowace lamba an ɗan datse wutsiyarta, datse-datsen suka taru suka zama ɗaya. Amma manhajar lissafin kuɗi ba za ta karɓi shigarwar da ɓangarorinta biyu ba su yi daidai ba, ko da 0.01 ne. Maganin shi ne doka guda da za a riƙa bi kullum: a lissafa rabon kowa da ma'auni, ban da sashen da ya fi kowa girman rabo, shi a ba shi abin da ya saura. Sayarwa sai ya zama 21,250 a cire 7,285.71 a cire 3,035.71, wato 10,928.58. An zaɓi babba ne saboda a kansa ragowar ba ta da wani tasiri.

A Excel, idan kuɗin na gurbin B1, yawan mutane na B4 zuwa B6 (sayarwa a B4), jimlarsu a B7, ga abin da za a rubuta a C5 a ja shi zuwa C6, sannan a rubuta na biyun a C4:

```
=ROUND($B$1*B5/$B$7,2)
=$B$1-SUM(C5:C6)
```

Muhimmin abu shi ne `ROUND`. Idan ka saita gurbi ne kawai ya riƙa nuna lamba biyu bayan ɗigo, wutsiyar na nan a ɓoye, jimlar da ke kan allo za ta nuna daidai, sai ka kwafe lambobin zuwa littafi sannan gibin ya bayyana.

Wani tarkon ya fi wannan girma, shi ne a fara mayar da ma'auni kaso cikin ɗari a tsaya a lamba biyu bayan ɗigo, sannan a buga da kuɗi. 18 cikin 35 ya zama 51.43, 12 ya zama 34.29, 5 ya zama 14.29. Jimlarsu 100.01. Buga su da 21,250 za ka raba 21,252.13, fiye da abin da ke hannunka da 2.13, kuma gwargwadon girman takarda gwargwadon girman gibin. Ka riƙa lissafi da lambobin asali, ka datse sau ɗaya a ƙarshe. Idan manhajarku kaso kawai take karɓa, gyara babban kason ya koma 51.42 don jimlar ta tsaya cif a 100.

Haɗa rabon da shigar da shi littafi

Yanzu kowane sashe a tara masa nasa. Sayarwa: 6,000 na kafet, 33,750 na shara, 10,928.58 na wuraren kowa da kayan banɗaki, jimla 50,678.58. Gudanarwa: 22,500 da 7,285.71, jimla 29,785.71. Sito: 22,500 da 3,035.71, jimla 25,535.71. Ukun sun haɗa 106,000.00, daidai da takardar kafin haraji. Ka ajiye gurbi ɗaya a shafinka da ke cire jimlar rabo daga jimlar takarda. In bai nuna sifili ba, ba a shigarwa.

Harajin kuma ya danganta da matsayin ma'aikatar a dokar ƙasarta. Idan tana da damar karɓo VAT ɗin da ta biya daga hukumar haraji, 10,600 ɗin ba kashe kuɗi ba ne, asusun haraji za ta shiga gaba ɗaya, ba a ɗora wa kowane sashe ko kaɗan. Idan ba ta da wannan damar, harajin ya zama cikin tsadar aikin, sai ya bi rabon kowa: sayarwa 5,067.86, gudanarwa 2,978.57, sito 2,553.57. Wannan ya yi sauƙi ne saboda duk layukan harajinsu ɗaya. Idan wani layi harajinsa daban ne, ko babu haraji a kansa, to harajin kowane layi ya bi layinsa, kada a dunƙule.

A littafi, ɓangaren kiredit layi ɗaya ne tak: asusun kamfanin shara, 116,600, da lambar takardarsa. Ɓangaren debit ne ke rarrabuwa, kowane layi da asusun kashe kuɗinsa da lambar sashensa, sai layin haraji. Idan jadawalin asusunku ya raba aikin shara da kayan banɗaki, layukan za su ƙaru, domin 10,000 ɗin za a raba ta daban da 11,250 ɗin duk da ma'auninsu ɗaya, kowacce da nata gyaran ragowar.

Abin da ba a yi shi ne shigar da takardar sau uku, kowane sashe da guntunsa, ana liƙa wa lambar haruffa don manhaja ta karɓa. Yin haka yana kashe tsaron da manhajar ke yi na kama takardar da aka shigar sau biyu, kuma ranar da kamfanin ya aiko da bayanin bashinsa za ka ga layi ɗaya a nasa, uku a naka. Alamar an yi wannan kuskuren ita ce asusun ɗan kwangila cike da ƙananan lambobin da babu su a kan kowace takarda tasa.

Sa hannun amincewa ma mutum ɗaya ya kamata ya yi, wanda ke riƙe da kwantiragin. In aka ce sai shugabanni uku sun sa hannu kafin a biya, gardamar rabo ce za ta riƙe kuɗin wanda ya riga ya gama aikinsa. A biya shi a kan lokaci, rabo maganar cikin gida ce.

Idan abubuwa sun motsa

A ce wata mai kwana 30 ne, kuma sashen sayarwa ya karɓi ɗaki mai murabba'in mita 60 daga gudanarwa saura kwana 10 wata ya ƙare. Sai a auna da kwanaki: 60 sau 10 a raba da 30, ya ba da 20. Faɗin sayarwa na wannan watan 320, na gudanarwa 180, daga wata mai zuwa kuma 360 da 140. Wasu ma'aikatun sun zaɓi duk canji ya fara aiki ranar farko ta wata mai bi, ba a lissafin kwanaki. Shi ma ya yi, muddin kowa aka yi wa haka.

Idan kuma wani sashe ya tashi ya bar ɗaki babu kowa, ana kuma ci gaba da share shi, kada ka cire ɗakin daga jimlar nauyi. Cire shi zai sa kuɗin kowane nauyi ya hau, sauran sassa su ga nasu ya ƙaru ba tare da sun canza komai ba. A ɗora rabon ɗakin a kan lambar babban ofishi, inda shugabanni za su gan shi su yanke shawara ko a daina sharar ko a ba wani ɗakin.

Takardar ragi ita ma tana bin dalilinta. Idan kamfanin ya tsallake sharar sito sau ɗaya cikin huɗu na watan ya aiko da ragin 5,625, na sito ne gaba ɗaya, ba a raba shi. Idan kuwa rangwame ne a kan takardar duka, sai ya bi rabon da aka yi a wancan watan, da ma'aunin wancan watan, ko da ragin ya iso bayan wata biyu kuma yawan ma'aikata ya canza. In ka yi amfani da sabon ma'auni, wani zai karɓi ragin kuɗin da bai biya ba.

Duk wannan bayanin ya shafi sassa ne a cikin kamfani ɗaya. Idan ɗaya daga cikin masu amfani da ginin kamfani ne mai rajistarsa daban, ko da mai su ɗaya ne, lambar sashe ba ta isa ba. Wanda sunansa ke kan takardar ne zai shigar da ita duka, sannan ya rubuta wa ɗayan takardar neman biya, kuma dokokin haraji na shiga ciki.

Takardar ma'auni

Ma'aunin a amince da shi kafin takarda ta iso, lokacin da ake tsara kasafi, domin da zarar kowa ya ga lambar da za ta hau kansa, ma'aunin da ya fi yi masa sauƙi zai kira adalci. Shafi ɗaya ya isa: wane kwantiragi ne, wane layi ke bin wane ma'auni, daga ina aka samo lambobin da ranar da aka ɗauke su, wa ke ɗaukar ragowa, sai sa hannun shugabannin sassa. Kwafinsa da shafin lissafin watan a haɗa su da takardar neman biyan, don mai binciken kuɗi ya iya sake lissafin ba tare da ya nemi kowa ba.

A cikin shafin a rubuta lokacin sabunta lambobi: faɗi sau ɗaya a shekara ko duk sanda wani ya ƙaura, yawan mutane duk wata uku. A kuma sa iyaka ta ƙasa. Takardar da kuɗinta bai kai wani adadi da kuka yarda da shi ba, a ɗora ta kan sashen da ya fi amfani ko kan babban ofishi, tunda lokacin da akanta zai ɓata wajen raba ta ya fi kuɗin da ake rabawa tsada.